Na cire almakashi daga kan atamfa a hoto, zanen ya rikice, ya zan yi ya ci gaba daidai?

Tambaya: Salam, dan Allah masu sanin gyaran hoto ku taimaka min. Na shimfiɗa atamfa a tebur na ɗauki hoto, ashe na bar almakashi a kai, kuma yadin baya hannuna yanzu balle in sake ɗauka. Na goge almakashin da Content-Aware Fill a Photoshop, ya tafi kam, amma fulawoyin wajen sun cakuɗe, wata rabi wata ganye biyu a haɗe, da ka kalla ka san an taɓa. Ya ake yi zanen ya ɗora daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Abin da kike nema a ƙarƙashin almakashin nan yana cikin hoton naki, ba sai an ƙirƙiro komai ba, yana can gefe kaɗan, aikin kawai shi ne ki san nisan da ke tsakaninsa da ramin, wato wajen da almakashin ya rufe, ki ɗauko shi daga wannan nisan cif ba ƙari ba ragi. Da farko dai ki koma kan asalin hoton mai almakashi, wanda Content-Aware Fill ya riga ya taɓa ki ajiye shi gefe, don ya ɓata miki bakin ramin kuma da bakin ramin za mu yi awo.

Dalilin da ya sa ya ba ki wannan kwamacalar ba wai lalacewa ya yi ba, haka aikinsa yake. Tun da aka kawo shi a Photoshop CS5 a 2010 yadda yake yi shi ne ya tsinto ƙananan gutsattsari daga sassan hoton waɗanda suka yi kama da bakin ramin, ya jera su ya shafe mahaɗarsu. A kan yashi ko ciyawa ko bango wannan ya wadatar tunda ba wanda ya san inda kowace ƙwayar yashi ya kamata ta zauna. Atamfa kuwa kowace fulawa tana da mazauninta, ido ya riga ya ƙirga guda huɗu a jere yana jiran ta biyar a wani waje takamaimai, shi kuma kayan aikin bai san da wannan lissafin ba, abin da ya dame shi kawai kala ta haɗu da kala a baki. Wani lokacin idan ramin ƙarami ne yana dacewa, amma dace ne kawai, ni bana gina aiki a kai.

Toh ga yadda zanen yadi yake. Ana buga shi ne da abin bugu mai juyawa kamar ganga, duk juyi ɗaya sai zanen ya dawo inda ya faro, shi ya sa idan kika ɗauki tabo ɗaya a jikin yadin, misali tsakiyar wata fulawa, kika matsa wani nisa a wata fuska, za ki tarar da irin wannan tabon sak. Wannan nisan shi zan riƙa ce wa taku. Kowane zane mai maimaituwa yana da taku biyu, ɗaya na kwance ɗaya na tsaye, kuma da zarar kin san su kin san abin da ke ƙarƙashin duk wani abu da ya rufe yadin, ko almakashi ne ko waya ko hannun mutum.

Bari mu ɗauki misali da lambobi don ya zauna sosai. A ce hoton naki faɗinsa 4000 tsayinsa 3000 a fiksil, atamfar shuɗiya ce mai jajayen fulawoyi, kowace da ɗigon rawaya a tsakiya da kara mai ganye biyu. Almakashin yana kwance, da shi da inuwarsa sun cinye daga X 1900 zuwa 2600, daga Y 1250 zuwa 1570, wato ramin faɗinsa 700 tsayinsa 320. Ki lura na ce da inuwarsa, zan dawo kan wannan.

Ki danna F8 ki buɗe Info, ki tabbatar awon yana kan Pixels, ki zuƙo hoton zuwa 200% ki ɗora kibiyar linzami a kan wani tabo mai kaifi. Kar ki zaɓi tsakiyar wani jan fili mai faɗi, ba za ki iya komawa daidai wajen ba, ki zaɓi tsinin ganye ko inda layi biyu suka gitta ko wannan ɗigon rawayan. A ce ya nuna X 900, Y 1100. Ki matsa dama zuwa fulawa ta gaba irinta, ta nuna X 1312, Y 1112. Kenan takun kwance 412 ne zuwa dama da 12 zuwa ƙasa. Wannan 12 ɗin mutane da yawa suke watsarwa, alhali shi ke gaya miki yadin ya ɗan karkace a hoton, kusan digiri ɗaya da rabi da ɗoriya, abin da ido baya gani amma idan kika ja kwafi a miƙe sai layuka su ƙi haɗuwa ki rasa dalili.

Kar ki tsaya a awo ɗaya. Hannu yana iya kuskuren fiksil biyu ko uku, don haka ki ƙirga fulawa huɗu a jere bayan ta farkon ki auna ta ƙarshe, a ce ta ba ki X 2548, Y 1148. Ki cire na farko, ya rage 1648 da 48, ki raba huɗu, 412 da 12, ya yi daidai da na farkon, to hankali ya kwanta. Amfanin awo mai nisa shi ne kuskuren hannun naki shi ma an raba shi huɗu.

Yanzu takun tsaye, kuma a nan ne tarkon yake, nan aka fi faɗawa. Idan kika duba ƙasa za ki ga wani layin fulawoyi kamar 300 ƙasa da na farko, sai dai ba a ƙarƙashin na saman suke ba, sun zauna a tsakankaninsu kamar jeren bulo a gini, a misalinmu ta kusa tana X 1097, Y 1406. Zuciya za ta ce ai shikenan ga taku. Ki dakata ki kalli fulawar da kyau. Karanta ina ya lanƙwasa? Masu zana yadi suna son juya fulawa a layi na biyu don kar zanen ya gundiri ido, ta sama karanta ya yi hagu ta ƙasa ya yi dama, ko kuma iri ɗaya ne a siffa amma ɗigon tsakiyar wannan rawaya na waccan fari. Idan haka ne to ba ita ba ce, 'yar uwarta ce, takun gaskiya sai kin sauka layi biyu, wajen X 882, Y 1700, wato 600 ƙasa da 18 zuwa hagu. Wanda ya kwafo daga layin da bai dace ba aikinsa zai yi kyau a kusa, bakin ya haɗu tsaf, amma da an ja baya an kalli yadin gaba ɗaya sai a ga fulawa ɗaya ta juya wa sahu baya. Mai sayen yadi kuwa irin wannan baya wuce mata. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce kar ki kalli fulawar kaɗai, ki kalli maƙwabtanta, abin da ke samanta da ƙasanta da gefe biyu, sai dukkansu sun zo ɗaya sannan ki yarda.

Toh mun samu taku biyu, daga ina za mu ɗebo? Mafi kusa shi ya fi, don haske da girma sun fi kama, amma akwai sharaɗi, dole wajen da za ki ɗebo ya zama babu almakashin a cikinsa. Raminmu faɗinsa 700 ne takun kwance kuma 412, idan kika matsa taku ɗaya hagu har yanzu kusan 290 na wajen almakashi ne, za ki kwafo almakashi ki ɗora kan almakashi. Kenan ko dai taku biyu a kwance, 824 da 24, ko taku ɗaya a tsaye tunda 600 ya fi 320. A takarda na tsayen ya fi kusa. Amma kafin ki zaɓa ki yi wani ɗan awo, ki auna takun kwance a wancan layin na ƙasa. Idan kin tsaya ne a gaban tebur kika ɗan sunkuyar da waya, ba daga sama tsaye kika ɗauka ba, ɓangaren da ya fi kusa da ke ya fi girma a hoton, sai ki ga can ƙasa takun ya zama 424 maimakon 412. Bambancin kusan kashi uku cikin ɗari ne, a faɗin 700 ya kai fiksil 20, wannan ba ƙaramin abu ba ne, layi zai fito biyu ɓaro-ɓaro. A layi ɗaya kuwa daga hagu zuwa dama girman bai canza ba, mun gani da awonmu na fulawa huɗu. Don haka ni a nan taku biyu na kwance zan ɗauka duk da ya fi nisa, gara in yi faɗa da bambancin haske da in yi faɗa da bambancin girma, na haske ya fi sauƙin gyara nesa ba kusa ba.

Wasu za su ce miki ki ɗauki Clone Stamp kawai, ki danna Alt a kan ɗigon wata fulawa, ki sa alamar Aligned, ki fara shafawa daga ɗigon ta gaba, ki yi ta tafiya kina sakin linzami kina sake dannawa, yana kwafo abin da kika shafa yanzu. Yana aiki, kuma a ƙaramin rami kamar maɓalli ko tambarin farashi shi nake amfani da shi. Matsalarsa a babban rami ita ce kuskure yana taruwa, idan kin kauce da fiksil uku a taku na farko, a na biyu ya zama shida tunda kwafin kwafi kike yi, sai kin iso ɗaya bakin ramin ki tarar zanen ya ƙi gaisawa da na asali, kuma ba ki da abin da za ki ja ki daidaita sai dai ki goge ki sake. Shi ya sa na fi son faci guda a leya tasa daban, wanda za a iya matsarwa a juya a lanƙwasa har sai ya zauna.

Ga yadda za ki yi. Ki ɗauki Rectangular Marquee ki zagaye wajen da ke taku biyu hagu da ramin, a lissafinmu daga X 1076 zuwa 1776, Y 1226 zuwa 1546, amma ki ƙara kamar 80 ko 100 a kowane gefe. Wannan ƙarin kar ki yi rowarsa, shi ne zai hau kan lafiyayyen yadin da ke kewaye da almakashin, da shi za ki gane ko kin dace. Ki danna Ctrl+J ya hau sabuwar leya, ki danna dama a kanta ki zaɓi Convert to Smart Object, saboda za ki taɓa shi sau da yawa kuma leya ta yau da kullum duk juyi ko miƙewa ɗaya tana ƙara dushewa, bayan sau biyar shida saƙar yadin ta narke. Sai Ctrl+T, a sandar sama tsakanin X da Y akwai ɗan alama mai kusurwa uku, ki danna shi, yana nufin lambar da za ki rubuta nisan matsawa ce daga inda facin yake.

```
X: 824 px
Y: 24 px
```

Ki danna Enter. Facin zai faɗa kan almakashin kuma tun a nan za ki ga kusan ya zauna.

Kusan ɗin nan ne ba mu yarda da shi ba. Ki canza yanayin leyar daga Normal zuwa Difference. Abin da yake yi shi ne yana cire kalar sama daga ta ƙasa, inda suka zo ɗaya sai ya yi baƙi, inda suka saɓa sai ya yi haske. Almakashin zai fito da haske, wannan ba komai, shi ai daman daban yake, ki manta da shi ki kalli wancan ƙarin da kika bari a gefe. Idan ya yi baƙi wuluk ko kusa da haka, kin gama wannan matakin. Idan kina ganin siraran layuka masu haske suna bin gefen fulawoyi, to yadda suka fito shi ke gaya miki ciwon, kuma ya kamata ki koyi karanta su don kar ki yi ta ja-in-ja a makance.

Idan kaurin layukan ɗaya ne ko'ina, hagu da dama sama da ƙasa, kuma duk a gefe guda na fulawoyin suke, matsawa ce kawai ta rage, ki ɗauki Move ki yi amfani da kibiyoyin kibod, kowane dannawa fiksil ɗaya idan kina kan 100% ko sama, ki ga layukan suna sirancewa har su ɓace. Idan hagu ya yi baƙi amma kina tafiya dama layukan suna ƙara kauri, girma ne bai zo ɗaya ba, ki koma Ctrl+T ki taɓa W da H da kaɗan kaɗan, 99% ko 101%, ba a tsalle da yawa. Idan gefen hagu ya kauce sama na dama ya kauce ƙasa, juyi ne, rabin digiri ma yana iya isa. Idan kusurwa uku sun zauna ɗaya ta ƙi, ki riƙe Ctrl ki ja wannan kusurwar ita kaɗai. Idan kuma ko'ina ya zauna sai wani ɗan waje guda, yadin ne ya ɗan ja ko ya kumbura a nan, tunda yadi ba takarda ba ne yana miƙewa musamman ta karkace, wannan sai Warp, ki ja wajen a hankali. Ki bi su a wannan jerin, matsawa, girma, juyi, sannan Warp a ƙarshe. Wanda ya fara da Warp zai lanƙwasa fulawoyi masu lafiya don gyara abin da kibiya biyu za ta gyara, ƙarshe zanen ya zama kamar ana kallonsa ta cikin ruwa.

Akwai kuma wani toka-toka mai laushi da zai rufe wajen baki ɗaya ba tare da layuka ba. Wannan ba kaucewa ba ce, bambancin haske ne, ki ƙyale shi tukuna. Kuma kar ki sa rai zai yi baƙi ɗari bisa ɗari, ko a masaƙa kalolin ba sa faɗawa waje ɗaya sak a kowane juyi, ja yana iya ɗan fita daga layinsa a wannan fulawar ya zauna cif a waccan. Ki daidaita da baƙin layin da ya zagaye zanen, ko kalar da ta fi duhu, sauran ki bar su.

Da ya zauna ki mayar da shi Normal. Yanzu facin murabba'i ne mai kaifin baki, ba ma son dukkansa, abin da ya rufe almakashi kawai muke so. Ki riƙe Alt ki danna alamar Add layer mask, facin zai ɓace gaba ɗaya, sai ki ɗauki buroshi fari ki shafa a kan almakashin, duk inda kika shafa yadi ya fito. Abu biyu a nan. Na farko taurin buroshin, mutane suna son mai laushi sosai wai don ya narke, amma a zane mai kaifin layi buroshi mai laushi yana haɗa layin sama da na ƙasa rabi da rabi a fili mai faɗi, idan akwai kaucewar fiksil ɗaya ma sai ki ga inuwar layi biyu, wajen ya yi hazo. Ki sa Hardness wajen 70%. Na biyu inda mahaɗar za ta bi. Kar ki bi siffar almakashin, ki bi siffar zanen. Idan almakashin ya rufe rabin fulawa, ki maye fulawar gaba ɗayanta, ki kai mahaɗar cikin shuɗin fili inda babu komai, ko ki ɓoye ta a jikin baƙin layi. Mahaɗar da ta ratsa tsakiyar fulawa ita ce farkon abin da ido ke kamawa.

Sai maganar inuwa da na ce zan dawo. Abin da ke tona asirin yawancin irin wannan gyaran ba zanen ba ne, inuwar da aka manta ce. Almakashi ya tafi amma wani duhu mai siffarsa yana nan kwance a gefe. Inuwa tana da kashi biyu, mai duhu da ke manne da abin, da mai laushi da ke bazuwa nesa wadda ba ki ganinta sai kin neme ta. Ƙarfe mai sheƙi kuma yana iya jefa ɗan haske a ɗaya gefen, hannun almakashi idan roba ce mai kala yana iya zuba kalarsa a kan yadin da ke kusa. Don ki gansu ki ɗora Curves na wucin gadi a saman komai ki ja shi da ƙarfi har hoton ya yi muni, duhu ya ƙara duhu haske ya ƙara haske, nan take iyakar inuwar za ta fito, ki shafa facin har ya wuce ta. Nauyin almakashin ma yana iya danna yadin ya yi ɗan kwari ko tattara a kusa, shi ma ki rufe shi, don tattarar da ba abin da ya jawo ta tana sa mai kallo ya tsargu ko bai san me ya gani ba.

Yanzu haske. Mun ɗebo facin daga nisan 824, idan taga tana hagu to facin ya fi sabon mazauninsa haske. Kar ki dogara da ido kawai, ki auna. Ki ɗauki Color Sampler, ki sa Sample Size a 11 by 11 Average don saƙar zare kar ta ruɗe ki, ki ɗora ɗaya a shuɗin fili na asali dab da mahaɗa, ɗaya a shuɗin facin kusa da shi. A ce na asali ya nuna 38, 70, 140, na facin 46, 80, 152. Ki buɗe Curves a saman facin, ki danna Ctrl+Alt+G don ya shafi facin kaɗai, ki sauke tsakiyar layin har lambobin su matso juna, bambancin biyu ko uku ba a gani. Ki sake gwadawa a kan ja, don wani lokacin shuɗi ya daidaita ja bai daidaita ba, sai ki shiga Red ko Blue a cikin Curves ɗin ki taɓa kaɗan. Kuma ki auna a duka bakin biyu, hagu da dama, saboda haske yana raguwa a hankali ne, yana iya zama facin ya dace a hagu ya yi haske a dama. Idan haka ne ki ja Gradient daga baƙi zuwa fari a kan Layer Mask na Curves ɗin, gyaran ya yi ƙarfi a inda ake buƙata ya ragu a ɗaya gefen.

Za ki iya tambaya me ya hana a yi amfani da Healing Brush tunda shi yana daidaita haske da kansa. Yana yi, amma yana yi ne ta hanyar jawo kalar da ke kewaye zuwa ciki, a fata ko bango lafiya lau, a atamfa kuwa inda ja ke manne da shuɗi sai ya jawo jan ya shafa cikin shuɗin, ki ga wani dabbare kamar rini ya zuba. Ki bar shi don ƙananan abubuwa a tsakiyar kala guda.

Kuma akwai ƙananan abubuwan da za ki nema. Facin ya taho da duk abin da ke wajen da aka ɗebo shi, ɗan zare da ya faɗi, ƙura, layin ninki. Idan akwai wani farin zare a kan fulawa ta biyu yanzu yana kan ta huɗu ma, siffa ɗaya kwanciya ɗaya, wannan kam duk mai lura zai gani. Ki buɗe sabuwar leya ki share na cikin facin. A nan nau'in atamfar ma yana da magana. Wadda aka yi da danko na gaske, ana buga dankon ne a yadin a tsoma a rini sannan a kakkarya shi, shi ke barin waɗannan jijiyoyin da ɗige-ɗigen a cikin kala, kuma ba sa maimaituwa, kowace fulawa da nata. Wadda aka buga kwaikwayo kuwa jijiyoyin suna cikin zanen ne, suna dawowa sak a kowane juyi. Don haka ki duba naki, idan jijiyoyin fulawa biyu na asali sun bambanta, to facinki da ya zo da jijiyoyi iri ɗaya da na maƙwabciya ya yi ƙarya, sai ki ɗebo wasu sassan daga wata fulawar daban, misali rabin ramin daga hagu rabi daga dama, don kar a samu tagwaye a kusa da juna. Idan kuwa na bugu ne ki bar su yadda suke, haka yadin yake.

Kafin ki ce kin gama ki rage hoton zuwa 25% ki bi layin fulawoyin da ido daga wannan bakin zuwa wancan, a kwance, a tsaye, da kuma a karkace, don layin karkace shi ya fi saurin nuna wadda ta fita sahu. Idan kina shakka ki ja siririn layi a sabuwar leya daga ɗigon fulawa ta farko zuwa ta ƙarshe, duk ɗigon da ke tsakani ya kamata ya faɗo a kansa. Sannan ki koma 100% ki duba saƙar, idan facin ya fi kewayensa santsi saboda juyi da miƙewa, ɗan Add Noise na 1% ko 2% yana maido shi.

Idan hoton an ɗauke shi a karkace sosai, yadin yana tafiya nesa kamar shimfiɗa, lissafin taku ɗaya ba zai yi ba tunda kowane taku ya fi na bayansa gajarta. A nan ki shiga Filter ki zaɓi Vanishing Point, ki kafa kusurwa huɗu a kan tabo huɗu iri ɗaya na zanen, ba a bakin tebur ba, sai ki yi kwafin a ciki, shi zai riƙa rage girman da kansa. Mai GIMP ma ba a bar shi a baya ba, akwai Measure na awo, akwai Clone da ake saita Alignment ɗinsa a Aligned, akwai Perspective Clone, kuma Difference yana nan a jerin Mode na leya, aikin duk ɗaya ne.

Naki a shimfiɗe yake shi ya sa abin ya zo da sauƙi. Da a jikin mutum ne, a ce jaka ce ta rufe zani, dokar tana canzawa a duk inda yadin ya ninke. Zanen yana shiga cikin ninkin ya ɓace, ya fito a ɗaya gefen ya riga ya yi gaba, don haka fulawar da aka yanke a bakin ninki daidai take, wanda ya cike ta ya miƙar da zanen ya ratsa ninkin shi ne ya yi kuskure, rigar za ta zama kamar an manna mata takarda. Kowane gefen ninki facinsa daban da awonsa daban, haka ma kowane gefen ɗinki, sannan a dawo da duhun ninkin da Curves a shafa shi da hannu ya ɗora daga inda ya tsaya.

Inda dabarar take tsayawa shi ne idan abin da aka rufe babu irinsa a ko'ina cikin hoton. Wasu atamfofin zanensu manya ne, tsuntsu ɗaya ko fulawa ɗaya ta cika kusan faɗin yadin, a hoton sau ɗaya ta fito kuma almakashin yana kanta. Idan zanen irin wanda hagu da dama suke ɗaya ne, ki kwafo lafiyayyen gefen ki yi Flip Horizontal ki bi duk matakan nan, sai dai ki kula hasken ma ya juya, gefen da ya fi haske ya koma ɗaya ɓangaren, dole ki gyara shi da Gradient ɗin nan. Idan kuma ba haka yake ba, ki duba sauran hotunan da kika ɗauka a ranar, ko wanda ya ɗan karkace ko wanda bai yi kyau ba, muddin wajen ya fito a ciki za a iya yanko shi a daidaita da Difference. In babu ko ɗaya to duk abin da aka sa a ramin zane ne na mai gyara, ba na yadin ba, kuma idan na sayarwa ne, tunda mai saye da hoton za ta zaɓa, gara ki yanke hoton ki fitar da wajen almakashin gaba ɗaya ki nuna ɓangaren da yake na gaskiya.